Samfurin da Tela Ya Sa a Jikinsa

A layin babu wanda yake kiransa da sunansa na yanka. Tsaya-Daidai ake ce masa, domin ita ce kalmar da ta fi fita daga bakinsa tun yana saurayi. Duk wanda ya shiga shagonsa awo, yaro ne ko mai furfura, sai ya sha tsawa: “Tsaya daidai! Haɗe ƙafa! Kada ka yi numfashi!” Mutum ya sandare kamar an dasa shi, shi kuma ya zagaye shi da tef yana ƙunƙuni, alli a bayan kunne, allura biyu a gefen baki. In ya gama sai ya ce, “To, yi numfashinka,” kamar wata alfarma ya yi maka.

Shi telan yunifom ne, kuma ba ya son a haɗa shi da sauran teloli. Kayan ado, a wurinsa, wasan yara ne. Ya ɗinka wa masu gadi, ya ɗinka wa masu kai abinci a otal, ya ɗinka wa ’yan makarantar da ke bayan layin har sai da ’ya’yan waɗanda ya fara auna suka zo shi ma ya auna su. Shagon ɗaki ɗaya ne mai tsawo. Teburin yanka yana bakin ƙofa inda haske ya fi, kekuna uku a jere a jikin bango, dutsen guga can ƙurya kusa da buhun ƙyallaye. Keke na farko nasa ne. Na uku ya daɗe a lulluɓe da tsohon zanin gado. Na tsakiya kuwa na Dogo ne.

Dogo ya zo shagon ne tun gemunsa bai fito ba, yanzu ga shi da jika, amma har yau in Tsaya-Daidai zai ambace shi sai ya ce “yarona”. Mutum ne marar magana, mai dogayen ƙafafu da ba sa samun wurin zama a ƙarƙashin keke, sai ya karkace. Su biyun sukan yini ba su yi hirar kirki ba. In maigidan ya miƙa hannu, Dogo ya san almakashi yake nema ko zare. Tsaya-Daidai bai taɓa yabonsa ba. Yabo mafi girma da Dogo ya taɓa samu shi ne ranar da aka juya wata riga da ya ɗinka ciki da waje, aka leƙa ta ta rana, aka ce, “Hm.”

Sai makarantar ta canja shugaba, sabon ya ce daga yanzu kayan kanti za a riƙa sayowa, masu lamba a wuya: ƙarami, matsakaici, babba. Tsaya-Daidai ya ce bai taɓa jin cin mutunci irin wannan ba, a ce duk ’ya’yan mutane kashi uku ne kacal. Ya faɗi haka a shago, ya faɗa a gida, ya faɗa wa mai shayi. Faɗar ba ta dawo da aikin ba. Shago ya koma gyaran zif da rage ƙugu, Dogo ya koma goge keken da ba ya aiki.

Wata safiya Dogo ya yi gyaran murya, abin da ba ya yi.

“Maigida, akwai wata masaƙa da ke neman mai duba ɗinki. Sun ce in ba su amsa kafin ƙarshen wata.”

Tsaya-Daidai bai ɗago daga zif ɗin da yake farkewa ba. “To, Allah ya sa alheri.”

“Na ce dai in gaya maka.”

“Ai ka gaya mini.”

Iyakar abin da aka ce ke nan. Amma ranar sau biyu yana soke yatsansa, shi da ke alfaharin rabonsa da sukar allura tun yana koyo. Ba ya so Dogo ya tafi, ya kuma san ba shi da aikin da zai riƙe shi da shi. Ya roƙe shi kuwa, wannan ko a mafarki.

Matarsa ce ta kawo maganar kamfanin lemo. Ta ce duk safiya in za ta wuce tana ganin ma’aikatansu suna shiga kamar tururuwa, kowa da shuɗiyar riga da wando, rabinsu a kece. “Kai kana nan kana zagin kayan kanti, ga mutane can suna yawo da iska tana shiga musu ta ko’ina. Ka rubuta musu mana.”

Washegari ya je ya zauna a benci daura da ƙofar kamfanin, ya yi ta kallo har rana ta take. Ya dawo yana huci da murna. “Ɗinkin banza! Kalmasa ɗaya! Aljihu a karkace! Wanda ya yi wannan ko labule bai kamata a ba shi ba.”

Babbar ’yarsa ma’aikaciyar ofis ce, ta san yadda takardu ke tafiya, don haka ita ya kira ta zo da kwamfutarta. Ta zauna a kan tabarma a tsakar gida, shi yana kaiwa da komowa, hannu a baya, yana shifta.

“Rubuta. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da fatan iyali suna lafiya, da ma’aikata, da injuna. Ni ne wanda aka haifa a gidan ɗinki, mahaifina tela, kakana…”

“Baba, ba tarihi suke nema ba. Shafi ɗaya ne. In ya wuce haka ba mai karantawa.”

“Shafi ɗaya? Ai ban gama gaisuwa ba.”

“Kuma manajan mace ce, na tambaya. Ba ta da lokacin kakanka.”

Haka suka yi ta ja, yana ƙarawa tana yankewa. Ya ce a rubuta cewa telan da ke yi musu aiki yanzu azzalumi ne. Ta ce ba a zagin wani a takardar neman ciniki, wataƙila ma ita manajar ce ta zaɓe shi. Ya ce a bar maganar farashi sai an haɗu an yi ciniki ido da ido kamar mutane. Ta ce kamfani ba ya sayen abin da bai ga farashinsa a rubuce ba. A ƙarshe wasiƙar ta fito tsaf. Sunan shago da lambar waya a sama, sai kwanan wata, sai wadda aka rubuta wa, sai kan magana: neman a ba shi ɗinkin yunifom na ma’aikata. A ciki an faɗi irin yadin, kaki mai kauri da ba ya zuba, da farashin riga da wando in an yi oda mai yawa, da adadin da shagon zai iya gamawa a mako, da cewa za a auna kowane ma’aikaci a kan kansa. Aka roƙi a ba shi lokaci ya zo ya nuna samfur. Aka maƙala kwafin rajistar shago da sunayen wuraren da ya yi wa aiki.

Layi ɗaya ne ya kafe a kai. Ta goge, ya sa ta mayar, ta sake gogewa, ya ce to a fasa wasiƙar gaba ɗaya.

“Rubuta yadda na faɗa: Tun da na fara sana’ar nan, ɗinkina bai taɓa farkewa a jikin mutum ba.”

“Baba, irin wannan alkawari ne fa.”

“Ba alkawari ba ne. Labari ne.”

Ta rubuta. Ta buga kwafi biyu, ta sa a babban ambulan ruwan ƙasa, ta yi masa bayani dalla-dalla kamar mai aiken yaro: ya kai teburin karɓar baƙi, ya ba da ɗaya, a buga masa hatimi a ɗayan ya dawo da shi, samfur kuma ya naɗe shi a leda sai an kira shi.

Nan ne ta yi kuskure, don ta manta wane ne ubanta. A wurin Tsaya-Daidai riga a leda gawa ce. Tufa ba ta magana sai a jiki. Ya yanka samfurin da hannunsa, daidai jikinsa, shuɗin nan sak irin nasu. Dogo ya ɗinka, shi ya bi da guga har karin wandon ya kusa yanka hannu. Tambarin kamfanin ma, da ya zana a bayan tafin hannunsa ranar da ya je kallo, ya kai aka saƙa masa a kan aljihu. Da safe ya saka, ya tsaya gaban madubi, shi kansa sai da ya ce “Hm.”

Matarsa ta dube shi sama da ƙasa. “Yau kuma aiki ka samu ba mu sani ba?”

“Ke dai ki yi addu’a.”

Ya isa ana tsakar shiga. Ashe ranar kamfanin ya ɗauki sababbin ’yan lodi, an raba musu yunifom, katin shaida bai fito ba tukuna. Ya doshi mai gadi zai tambayi teburin baƙi, mai gadi ko fuskarsa bai kalla ba, ya kalli aljihu. “Sababbi ta can. Yi sauri, Baba, an fara.” Aka tura shi cikin ayari, ayari ya kwashe shi ta wani lungu, sai ga shi a wani makeken sito, rufin kwano can sama, kiret-kiret na lemo an jera su sun fi mutum tsawo, manyan motoci uku sun juyo baya sun buɗe. Ƙarar injin da kwalabe ta cika ko’ina, mutum ba ya jin tarinsa.

Shugaban ’yan lodin wani kakkaura ne mai usur a wuya. Ya bi sababbin da ido, ya tsaya a kan Tsaya-Daidai.

“Yanzu har tsofaffi suke turo mini?”

“A’a, ɗana, ni tela…”

“Kowa a nan da abin da yake yi da. Wancan direba ne, wancan malami. Ajiye takardarka a taga, ofis sai an tashi.” Sai ya matso, ya kama hannun rigar ya murza, ya leƙa kalmasar. “Kai, Baba, wa ka sani a sito? Wannan ai ba irin tamu ba ce. Dubi ɗinki! Jama’a, ku zo ku ga riga.”

Da mai usur ya zage shi, da ya yi bayani ya fita. Amma yabo ne, a gaban mutane, daga bakin wanda ba a roƙa ba. Samari suka kewaye shi, wannan ya taɓa aljihu, wancan ya ja kwala. Tsaya-Daidai ya ji zuciyarsa ta yi fari tas. Nan take wata dabara ta faɗo masa, irin dabarar da kan faɗo wa mutum in rabon wahala na kiransa: bari ya ɗan taɓa aikin, in ya shiga wurin manaja ya ce mata ga shi, har dako an yi da ita, ko gezau. Ya ajiye ambulan a taga, ya zage damtse, ya shiga layi.

Kiret na farko ya koya masa abin da bai sani ba. Da ya ɗaga hannu zai miƙa wa na kan mota, rigar gaba ɗaya ta biyo hannun, ta fice daga wando, hammata ta shaƙe shi. Ya duba na kusa da shi, sai ya ga duk sun farke hammatar rigunansu, kuma ba tsufa ba ne, da reza aka yi, da gangan. A na biyu aljihun gaba, wanda ya ɓata rabin yini yana daidaitawa, ya maƙale a kunnen kiret. A na uku maɓallin tsakiya ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin mota. Kakin nan mai kauri da ba ya zuba, ashe iska ma ba ta shigarsa. Gumi ya riƙa bin bayansa yana taruwa a ƙugu.

Ya yi ta kallon mutanen yana haki. Babu mai tsayawa daidai. Babu mai haɗe ƙafa. Kowa a tsugune yake, ko a sunkuye, ko ƙafa ɗaya a ƙasa ɗaya a bakin mota, kuma kowa numfashi yake yi iya ƙarfinsa. Shi kuwa tun tasowarsa masu tsayuwa yake yi wa ɗinki: mai gadi a bakin ƙofa, yaro a layin taron safe, mai tire a gefen tebur.

Bai gama wannan tunani ba mai usur ya busa. “Na ƙasa! A kwaso na ƙasa!”

Ya buɗe ƙafa, ya tsuguna, ya rungumi kiret. Duk ƙarar da ke cikin siton nan ba ta hana a ji ba. Ɓaaar! Tun daga hantsa har ƙugu ta baya. Ya ji iska mai sanyi ta gaishe shi.

Wani saurayi ya dafa kafaɗarsa yana dariya har da hawaye. “Barka da zuwa, Baba! Yanzu ka zama ɗan gida. Ni nawa a rana ta biyu ya tafi. Kai ka fi mu sauri.”

Tsaya-Daidai ya miƙe a hankali, ya ja da baya da baya har taga, ya lalubo ambulan ya manna a mazaunansa da hannu biyu. Niyyarsa ya bi bango ya sulale, kada ya sake bin ko titin. Sai siton ya yi tsit, iya tsit ɗin da injin zai bari. Wata mata ce ta shigo, matsakaiciya, da tabarau da takalmi marar tsini, wani mutum yana biye da ita da fayil. Manaja ce ta fito zagayen safe. Tana tafe tana duba motoci, har ta wuce shi, sai ta dawo.

“Wannan fa? Ban san fuskarsa ba.”

“Sabo ne, ranki ya daɗe,” in ji mai usur.

Mai fayil ya duba takardarsa. “Ba ya cikin waɗanda aka ɗauka.”

“Baba, wane ne kai? Wa ya ba ka kayanmu?”

“Ranki ya daɗe, ni tela ne. A shagona aka ɗinka. Wasiƙa na kawo miki.”

“Wasiƙa? A sito?” Ta dubi tambarin aljihunsa, fuskarta ta canja. “Wa ya ba ka izinin saka tambarinmu? Ka san da wannan rigar ka wuce mai gadi ba tambaya? Da ɓarawo ne fa?”

“Ban yi tunanin haka ba, ranki ya daɗe. Na yi kuskure.”

“To, ina wasiƙar?”

Ta miƙo hannu.

Bayansa bango, gabansa manaja, gefe da gefe ’yan lodi sun daina aiki suna cije leɓe. Hannunsa biyu suna baya. In ya ba ta, asirinsa ya tonu, ta kuma karanta layin da ya kafe a kai. In ya hana, ya koma shago hannu wofi, Dogo ya kama hanyar masaƙa. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya tuna keken tsakiya, yadda zai kasance in an lulluɓe shi da zanin gado kamar na uku.

Ya zaro ambulan ya miƙa mata, ya ƙara mannewa da bango.

Ambulan ya jiƙe da gumi, ya lanƙwashe daidai siffar inda ya fito. Ta karɓa da yatsa biyu, ta buɗe, ta karanta a tsaye. Ya ga idonta yana sauka layi bayan layi, ya san daidai inda ta kai lokacin da girarta ta ɗaga.

“‘Ɗinkina bai taɓa farkewa a jikin mutum ba,’” ta karanta a fili.

Saurayin nan ya kasa riƙewa, ya durƙushe a bayan kiret. Sauran suka bi.

“Jiya gaskiya ne, ranki ya daɗe,” in ji Tsaya-Daidai. “Yau ƙarya ne. A soke shi.”

“Ya farke?”

“Har ƙugu.”

Ta sa fayil ɗin mai fayil ta rufe bakinta na ɗan lokaci. Da ta sauke, ta ce wa mai usur ya samo masa abin ɗaurawa. Aka kawo wani tsohon buhu, ya ɗaura a ƙugu kamar mai shirin wanka, sannan ya iya rabuwa da bango.

“To, Baba, me zai sa in ba da ɗinkin ma’aikata ga wanda samfurinsa bai kai azahar ba?”

Ba shiri ya yi ba, abin da jikinsa ya gaya masa ya faɗa. Ya ce wandon nan an yanka shi ne don mai tsayuwa, nasa da na telansu duka, shi ya sa duk suke mutuwa a wuri ɗaya. Hantsa tana son a sa mata ƙari, a zurfafa bayan wando, a bi da ɗinki biyu. Hammata ma a sa mata ƙari don hannu ya ɗagu riga ba ta biyo ba. Aljihun gaba a cire shi ko a rufe bakinsa. Maɓalli a ɓoye shi a ƙarƙashin shafi. A zaɓen yadi kuma ya yi kuskure, wannan na mai gadi ne, a nan ana son wanda ke shan iska.

“Duk wannan yaushe ka sani?”

“Ɗazu.”

Mai usur ya matso. “Ranki ya daɗe, maganar hammatar nan gaskiya ce. Sau nawa ina rubutowa.”

Ta ninke wasiƙar ta ba mai fayil, wanda ashe shi ne jami’in saye-saye. Ta ce ba za ta yi masa alkawarin komai ba. Oda ba a sito ake ba da ita ba, kuma ba ita kaɗai ke yankewa ba. Suna da mai kawo musu kaya, sai an kwatanta farashi. Abin da za ta iya shi ne wannan: ya sake rubuto wasiƙa da sabon yadi da sabon farashi, ya kai teburin baƙi kamar kowa, a cikin kayansa na gida. Ya ɗinko samfur na mutum uku, ba tambari, su yi aiki da su wata guda. In sun tsira, za a saka sunansa cikin masu neman odar sashen lodi.

“Sashen lodi kawai?”

“Baba, kana ɗaure da buhu kana ciniki?”

Sai ya laluba aljihun wandon, inda tef ba ya rabuwa da shi, ya nemi izini ya auna mutum ukun tun da ga shi ga su. Aka ba shi saurayin mai dariya da wasu biyu. Saurayin ya ƙame, ya haɗe ƙafa.

“Wa ya ce ka tsaya? Tsuguna. Buɗe ƙafa. Ɗauki kiret. Ɗaga sama. Yi numfashi mana, gawa nake aunawa?”

Da zai fita mai usur ya biyo shi da kwalbar lemo mai sanyi, ya ce ladan dakonsa ke nan, in kuma ɗinkin bai karɓe shi ba, gurbinsa yana nan.

Ya koma ta bayan layi, ta lungunan da ba a san shi ba sosai, duk da haka sai da mai shayi ya gan shi. Kafin ya kai shago bayansa ya riƙe. Ya shiga a karkace, ya saka tsohon wandonsa da ƙyar, ya haye teburin yanka ya kwanta rigingine a kan yadi, abin da da wani ne ya yi da ya kore shi daga layin. Dogo ya taso daga kekensa. Ya ɗauki wandon samfur daga ƙasa, ya ɗaga shi ta haske, ya leƙa titi ta cikin ɓarakar.

Tsaya-Daidai ya ba shi labari yana kallon silin, bai rage komai ba, har buhun. Kafaɗun Dogo suka yi ta rawa, amma don girmamawa bai bar sauti ya fita ba.

“Wata guda suka ce,” in ji maigidan. “Bayan nan ma ba tabbas. Sunana kawai za a saka.”

“Su kuma masaƙa ƙarshen watan nan.”

“Na sani.”

Wata mota ta wuce, ƙyallayen bakin ƙofa suka motsa. Tsaya-Daidai ya ce bayansa ne ke ciwo, ba zai iya sunkuya yanka ba kwana biyu. Dogo ya ce zai yanka kafin ya tafi. Ya ce sabon yankan yana da wuya, sai an gwada an sake. Dogo ya ce akwai sauran kwanaki. Duk hanyoyin da zai bi ya kewaye maganar suka ƙare, ya ga ba saura sai ita.

“Dogo.”

“Maigida.”

“Kada ka tafi. Ba ni da abin da zan nuna maka, aikin nan wataƙila a ba mu, wataƙila a hana. Amma ba na so ka tafi. Ban iya shagon nan ni kaɗai ba, ban taɓa iyawa ba.”

Dogo ya daɗe yana juya wandon a hannu.

“In ba su ba mu ba fa?”

“To na cuce ka, kai da iyalinka. Ba zan ce maka ba haka ba ne.”

Dogo ya ajiye wandon a kan kekensa, ya fita waje da wayarsa. Tsaya-Daidai yana kwance yana jiyo muryarsa ƙasa-ƙasa ta taga, bai iya rarrabe kalmomin ba, bai kuma iya tashi ya leƙa ba. Bai taɓa jin tsoro irin na wannan ɗan lokacin ba, ko a gaban manaja.

Dogo ya dawo, ya naɗe dogayen ƙafafunsa a ƙarƙashin keke, ya jawo wandon.

“Na ba su haƙuri,” ya ce. “Matsa kaɗan, Maigida, ka kwanta a kan reza.”

Tsaya-Daidai ya matsa. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shige kunne, ya ce bayan nan ne, wallahi ciwo yake yi ba kaɗan ba. Dogo ya ce ai dole, ya sunkuyar da kai ya fara farke ɗinkin.